Littafin nahawu zan saya, ko malami zan biya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A Jidda nake, da Larabci na yi sakandare. Na zauna jarrabawar Turanci ta IELTS, na ci 5.5 a ɓangaren rubutu, alhali 6.5 ake nema. An ce mini waƙafi ne ke kayar da ni. Kuɗin hannuna na abu ɗaya ne: ko in sayi babban littafin nahawu a Jarir, ko in biya malami ya riƙa duba rubutuna. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki biya malami, amma da sharaɗi: rubutun da za ki kai masa ya zama wanda kika yi da agogo a gabanki, minti 40, kalma 250 ko sama da haka, kamar yadda ake yi a aiki na biyu na ɓangaren rubutu na jarrabawar. Littafi zai faɗa miki ƙa'ida, kuma ina kyautata zaton kin san rabinta. Abin da ba zai nuna miki ba shi ne inda hannunki ke zamewa idan lokaci ya ƙure.

Da ma'auni huɗu ake duba rubutun, kowanne da kashi 25 cikin ɗari, kuma alamomin rubutu suna ƙarƙashin ma'aunin nahawu. Don haka ba su kaɗai za su ɗaga ki da maki guda ba, kada wani ya yi miki wannan alkawari. Sai dai mai dubawa yana lura da yawan jimlolin da suka fita babu kuskure, kuma a nan ne wanda ya taso da Larabci yake asara. A Larabci ana iya jan sakin layi guda da waƙafi da harafin wawu, aya ɗaya tak a ƙarshe, kuma ba laifi ba ne. A Turanci kuskure ne. Duba wannan:

```
Many people move to cities, they want better jobs, however life there is expensive.
```

Jimla uku ce aka ɗinke da waƙafi. Kowace tana da mai aikinta da aikatau ɗinta, kowace za ta iya tsayawa da ƙafarta. Babu kalmar da aka rubuta ba daidai ba, amma maimakon a ƙirga miki jimloli masu kyau, an ƙirga guda ɗaya mai kuskure biyu. Gyaran:

```
Many people move to cities because they want better jobs. However, life there is expensive.
```

Waƙafin farko ya tafi, `because` ta maye gurbinsa. Na biyu ya koma aya. Ki lura da `however` da `therefore` musamman, domin su ne tarkon ɗalibai: ba sa haɗa jimla biyu kamar yadda `but` da `so` suke yi. Idan sun buɗe sabuwar magana, aya ko waƙafi mai ruwa, wato `;`, ke zuwa kafinsu, waƙafi kuma bayansu.

Gwajin da za ki riƙa yi mai sauƙi ne. Ki ɗora yatsa a kan waƙafi, ki karanta abin da ke hagu, ki karanta abin da ke dama. Idan kowanne cikakkiyar magana ce kuma babu mahaɗi a tsakani, sa aya, ki fara da babban baƙi. Kada ki manta da babban baƙin nan, tunda Larabci ba shi da shi, hannu yakan tsallake.

Waƙafin sama bai kai wannan wahala ba. Mu a Hausa sauti yake nunawa, kamar a sa'a da 'ya'ya. A Turanci ko mallaka yake nunawa, ko harafin da aka cire. `student's` na ɗalibi ɗaya ne, `students'` na ɗalibai da yawa, jam'i zalla kuma `students` ne, babu komai a kansa. `it's` taƙaitawar `it is` ce ko `it has`, ta mallaka kuwa `its` ce. Ki daina taƙaita kalma gaba ɗaya a wannan rubutu, ki rubuta `do not` da `it is` a cike. Ya fi dacewa da rubutun ilimi, kuma daga nan duk `it's` da kika gani a takardarki kin san gyara take jira.

Wajen zaɓen malami, kafin ki ba da ko riyal ɗaya ki nemi ya nuna miki rubutun wani ɗalibi da ya duba, a rufe sunan mai shi. Idan maki kawai ya sa a ƙasa, ko ya sake rubuta komai da kansa, nemi wani. Wanda kike so shi ne mai ja wa kuskure layi, ya faɗi irinsa, ya bar miki gyaran. Ki yi ciniki a kan adadin rubutun da zai duba, ba a kan awannin zama ba.

A ranar jarrabawa ki tsaida rubutu saura minti huɗu, ki bi waƙafi ɗaya bayan ɗaya daga jimlar ƙarshe zuwa ta farko, don kada ma'ana ta ɗauke miki hankali. Idan a kwamfuta za ki yi, babu jan layin da zai nuna miki kuskure, don haka ki kashe mai gyaran rubutu tun a gida lokacin da kike gwaji.