Makin NPS ɗinmu ya sauka daga 20 zuwa 12, me zan faɗa wa oga?

Tambaya: Ni ke kula da sashen kwastomomi a kamfaninmu. Duk wata muna tura musu tambaya cewa daga 0 zuwa 10, yaya yiwuwar su ba wani aboki shawarar ya yi hulɗa da mu. Kimanin mutum 100 ke amsawa, daga amsoshinsu muke fitar da makin da ake kira NPS, wato Net Promoter Score. Watan jiya makin NPS ɗinmu 20 ne, wannan watan ya koma 12. Oga ya ce in kawo bayani kafin ƙarshen mako. Me zan ce masa?

Amsa: Malam, kafin ka shiga neman mai laifi, buɗe ainihin amsoshin ka ƙirga mutum nawa suka ba da kowace lamba. Makin da ke hannunka ragowar lissafi ne kawai, kuma hanyoyi da yawa na iya kai mutum ga ragowa iri ɗaya.

Fred Reichheld na kamfanin Bain & Company ne ya gabatar da wannan ma'auni a mujallar Harvard Business Review a 2003, kuma ga yadda ya tsara shi. Wanda ya ba da 9 ko 10 mai yabawa ne. Mai 7 ko 8 ɗan ba-ruwana ne. Daga 6 har ƙasa zuwa 0 duk an haɗa su a matsayin masu kushewa. Sai a ɗebe kason masu kushewa daga kason masu yabawa:

```
NPS = % masu yabawa − % masu kushewa
```

'Yan ba-ruwana suna cikin jimillar da ake rabawa da ita, amma ba su ƙara maki, ba su ragewa. Sakamakon yana iya faɗawa ko'ina tsakanin −100 da +100.

Ban ga takardunka ba, don haka mu ƙaddara cewa watan jiya kana da masu yabawa 45, 'yan ba-ruwana 30, masu kushewa 25. Wannan ya ba da 20. To ta yaya za a sauka zuwa 12? Wataƙila mutum takwas da a da za su ba da 9 sun ba da 8, sai ya zama 37, 38 da 25. Waɗannan ba wanda ya ɓata musu rai, ɗokinsu ne ya ɗan ragu. Wataƙila kuma mutum takwas ne suka zame daga 7 zuwa 6, ya zama 45, 22 da 33. Ko kuma huɗu kacal daga cikin masoyanka na haƙiƙa aka saɓa wa, suka faɗo daga 10 zuwa 2, ya zama 41, 30 da 29. Duka ukun 12 suke bayarwa, alhali na farko abin sa ido ne kawai, na ukun kuwa abin ɗaukar waya a kira mutane ne yau yau.

Akwai wanda ya fi wannan muni, shi ne canjin da makin ba ya gani sam. A ce masu kushewarka 25 duk 6 suka bayar watan jiya, wannan watan kuma duk suka ba da 0. Mai 6 yana nan tare da kai, ƙorafi ne da shi ɗan kaɗan. Mai 0 ya riga ya tattara kayansa, kuma yana ba mutane labari. Amma a lissafin NPS kuɗin goro aka yi musu, makin ba zai motsa ko da ɗigo ba. Lambobi goma sha ɗaya aka dunƙule zuwa gida uku, saboda haka motsi bai da tasiri sai ya tsallake iyakar 6 da 7 ko ta 8 da 9.

Sai batun yawan masu amsawa, wanda a ganina shi ne jigon amsarka. Mutum 100 na wannan wata ba su ne 100 na watan jiya ba. Ko da kamfanin bai canja komai ba, wani watan masu fara'a za su fi yawa a cikin waɗanda suka amsa, wani watan masu fushi. Ana iya auna girman wannan tangal-tangal ɗin. Idan p kason masu yabawa ne, d na masu kushewa, n kuma yawan masu amsawa:

```
tazara = 1.96 × √((p + d − (p − d)²) / n) × 100
```

Sa 0.45, 0.25 da 100 a ciki, za ka samu kusan 16. Ma'ana, 20 ɗin nan taku na iya zama ko'ina daga 4 zuwa 36 a zahiri. In kuwa wata biyu kake kwatantawa, kowanne da nasa kuskuren, to sai bambancin ya haura maki 22 kafin ka bugi ƙirji ka ce ba sa'a ba ce kawai. Naku takwas ne. Don tazarar ta ragu zuwa 8 kana buƙatar amsoshi 400, don ta koma 5 kuwa sai kusan 1,000. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka riƙa haɗa watanni uku ko huɗu wuri ɗaya ka bi wannan, maimakon tsalle-tsallen kowane wata.

Duba kuma su wa suka amsa. Mutum nawa aka tura wa har aka samu 100? An canja lokacin turawa ne, ko an koma daga kiran waya zuwa saƙo? Mutane sukan ji nauyin ba da ƙaramin maki in murya ce ke tambayarsu, a rubuce kuwa ba ruwansu. Sannan wanda ya riga ya daina hulɗa da ku da wuya ya tsaya cike tambaya, shi ya sa maki kan iya hawa a daidai lokacin da kwastomomi ke zarewa: masu fushin sun tafi, an bar masu haƙuri.

Na taɓa ganin wani wuri da aka ɗaura alawus ɗin ma'aikata a kan wannan maki. Ba a jima ba sai ga ma'aikaci yana rufe kowace hira da "don Allah a taimaka a ba ni goma", wasu kuma suka daina tura tambayar ga duk wanda suka ga ya fita rai a ɓace. Makin ya hau, ƙorafi bai ragu ba. Alamar wannan ita ce ka ga 10 ta yi tsiri ita kaɗai, 8 da 9 sun ƙafe, yawan waɗanda ake tura wa kuma ya ragu a hannun wasu ma'aikata. In oga na tunanin haɗa makin da alawus, ka ba shi haƙuri tun yanzu.

Ga abin da zan kai masa in ni ne. Shafi ɗaya mai nuna yawan mutane a kowace lamba daga 0 zuwa 10, watan jiya da wannan watan gefe da gefe, da adadin waɗanda aka tura wa da waɗanda suka amsa. A ƙasa ka rubuta makin tare da tazararsa, wato 12 ± 16, kada ka bar 12 tsirara. Sai ka ware duk wanda ya ba da 0 zuwa 3, ka karanta abin da ya rubuta a gurbin "me ya sa ka ba da wannan makin?", ka tara dalilan da suka maimaitu. Cikin amsoshi 100 ba za su yi yawa ba, za ka gama su a zama ɗaya. In tambayarku ba ta da wannan gurbin, ƙara shi kafin ku tura ta wata mai zuwa, a wannan makon kuma ka kira mutanen da kanka ka tambaye su.