Jinyar maigida bayan shanyewar ɓarin jiki

"Shekara guda ke nan da ɓarin jikin maigidana ya shanye. Ina yi masa komai, amma ya zama mai saurin fushi, ni kuma na daina jin cewa zaman aure muke yi. Ko akwai wadda ta taɓa shiga wannan hali?"

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah Ya ba maigida lafiya. Nawa shekararsa 6 ke nan da kamuwa. A watannin farko, da ba ya iya motsi, nakan juya shi duk bayan awa 2 don gudun gyambon kwanciya, ni ke yi masa wanka, ni ke kai shi banɗaki. Kuskurena shi ne da ya fara samun sauƙi ban sassauta ba, har hirarmu ta koma tambayar ko ya sha magani, ko ya yi fitsari. Wata safiya ina ɓalla masa maɓallin riga, ya ture hannuna ya ce, "Ke matata ce, ko ma'aikaciyar asibiti?" Na yi kuka, amma gaskiya ya faɗa.

Mai gashin ƙashin da ke duba shi ce ta fara nuna mini cewa duk abin da na yi masa alhali yana iya yi, na rage masa atisaye kuma na rage masa girma. Ta koya masa fara zura hannun da ya shanye a riga, wajen cirewa kuma ya fara da mai lafiyar. Yakan kwashe minti 20 a kan abin da nake gamawa cikin 2, sai in fita daga ɗakin, domin idan ina tsaye ba na iya riƙe hannuna. Wanka kuwa na roƙi ƙaninsa ya karɓa kwana 3 a mako. Na so in ji kunyar hakan, amma a ranakun ne nake shiga wurinsa da kwalliyata, ba da soso ba. Na kuma koma kawo masa shawarar gida, ta kuɗi da ta yara, ina jiran amsarsa ko da maganar tana fita da ƙyar, ba tare da na ƙarasa masa ita ba.

Batun fushi, kada ki ɗauka duk hali ne. Kusan mutum 1 cikin 3 na masu wannan lalura suna kamuwa da ciwon damuwa, kuma yana da magani. Idan ya daina cin abinci, barcinsa ya lalace, ya ƙi atisaye, ko yana cewa mutuwa ta fi masa, kuma hakan ya haura mako 2, ki sanar da likitansa, maganar mutuwa kuwa ba a jira da ita. Nawa sai da aka ɗora shi a kan magani kafin tsawar ta ragu.

Zamanmu bai koma yadda yake ba, kuma akwai daren da nake kewar mutumin da na aura alhali yana kwance kusa da ni. Yanzu dai shi ke riƙe da lissafin gida, da hannun hagu yake rubutawa.