Yadda za a adana shaidar barazana a WhatsApp

"Wani mutum yana turo min zagi da barazana a WhatsApp da imel. Ina ɗaukar hoton allo, amma an ce hakan bai isa ba. Me zan yi?"

'Yar'uwa, Allah ya kare ki. Matsalar hoton allo a WhatsApp ita ce, a saman saƙonnin baya-bayan nan "Today" ko "Yesterday" kawai ake gani, sunan da ke sama kuma wanda kika ba shi ne a wayarki. Bayan wata guda, wa zai san ranar, ko mai saƙon? Don haka ki buɗe bayanansa ki ɗauki hoton lambarsa, sannan ki koma cikin hirar, ki danna ɗigo ukun da ke sama, ki shiga More, ki danna Export chat, ki haɗa da hotuna da muryoyi. Fayil ɗin da zai fito yana ɗauke da kwanan wata da lokacin kowane saƙo. Ki yi wannan yau, domin yana iya goge abin da ya turo ba da jimawa ba.

Kada ki yanke hoto, kada ki goge amsoshinki ko da kin mayar masa da baƙar magana. Hirar da aka yi wa giɓi ita ce lauyansa zai fara kamawa.

Imel kuwa, tura shi ga wani yana zubar da bayanan hanyar da ya biyo. Ki buɗe saƙon a Gmail a kwamfuta, ki danna ɗigo ukun da ke gefensa, ki zaɓi Show original, sai Download Original.

Ki ajiye kwafi a filashi, wayar kuma kada ki sayar ko ki goge abin da ke cikinta, don ana iya neman ganin asalin saƙon. Idan barazanar ta kai ga rai, ki je wurin 'yan sanda nan take. Lauya zai nuna miki yadda kotu ke karɓar irin wannan shaida.