Yara suna farautar "kamar", sun bar waƙar

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. Wannan zangon aka ba ni Hausa a aji biyu na babbar sakandare a Birnin Kebbi. Na koyar da kamance da siffantawa da mutuntarwa, yara sun haddace ma'ana tsaf, amma da na ba su waƙa su fito da su, sai kowa ya ja layi a ƙarƙashin "kamar" ya ajiye biro. Ta ina zan kama?

Wa alaikumus salam, Malama. Na shekara goma sha huɗu ina wannan darasi a wajen Argungu, kuma a shekarun farko ni na jawo wa kaina irin wannan. Na rubuta musu jerin kalmomi a allo, kamar, tamkar, awa, sai ka ce, na ce duk inda suka gan su kamance ne. Ranar gwaji wani yaro ya ja layi a kan "mun isa kamar ƙarfe biyu" ya rubuta kamance, kuma ban iya cewa ya saɓa abin da na koya masa ba.

Daga nan na daina fara darasi da kalmomi. Yanzu kowane ɗango tambaya uku muke yi masa. A kan me ake magana? Wane abu aka jawo daga waje aka jingina masa? Wane hali ne aka aro daga wancan abin? In tambaya ta biyu ba ta da amsa, babu adon harshe a wurin, a wuce. "Kamar ƙarfe biyu" a nan take faɗuwa, domin ba a jawo komai ba, ƙiyasin lokaci ne kawai. Haka ma "kamar za a yi ruwa".

Waƙar manhaja takan yi wa yara nauyi a rana ta farko, shi ya sa nakan fara da wasu baitoci uku da na tsara da kaina a kan ambaliya, abin da kowane yaro a fadamarmu ya gani da idonsa:

Gulbi ya farka da fushi,
Ya shigo gona ba sallama.

Ruwansa ja tamkar garwashi,
Ya fi doki gudu a fadama.

Shinkafa ce zinaren Kabi,
Yunwa ta sa fiƙa ta kama.

Ki fara da baiti na biyu, shi ne mai sauƙi. Ana magana a kan ruwa, an jawo garwashi, abin da aka aro shi ne ja. Ga "tamkar" a tsakani ta raba su, ruwa na nan ruwa, garwashi na nan garwashi. Wannan kamance ne na daidaito. Ɗangon da ke biye shi ne wanda rabin aji kan tsallake, domin babu "kamar" a cikinsa. Amma an ɗora gulbi da doki a sikeli, an ce ɗaya ya rinjayi ɗaya a gudu, kamancen fifiko ke nan. Da mawaƙi ya ce "bai kai doki gudu ba", da ya zama na kasawa. Nakan sa su juya ɗangon da bakinsu har sau uku, daidai da doki, ya fi doki, bai kai doki ba, su ji cewa awo ne ake yi a duka ukun.

Siffantawa kuwa cire sikelin ake yi. "Shinkafa ce zinaren Kabi" bai ce ta yi kama da zinare ba, cewa ya yi ita ce. Tarkon da ke nan shi ne "ne" da "ce". Da yara sun gane su, sai su koma farautarsu yadda suka yi wa "kamar", ki ga an kawo miki "Argungu gari ne" a matsayin siffantawa. Gwajin da nake ba su ɗaya ne: in ka ɗauki maganar a zahirinta, gaskiya ce ko ƙarya? Argungu gari ne, gaskiya ce, babu ado. Shinkafa zinare ce, a zahiri ƙarya ce, ba wanda zai kai buhunta wurin maƙerin zinare. To me ya sa mawaƙi ya yi wannan ƙarya da gangan? Amsar wannan ita ce makin, wato daraja da arzikin da shinkafa take kawo wa manomi. Yaron da ya rubuta "siffantawa" ya tsaya, rabin maki nake ba shi, ko da ya dace.

Inda na fi daɗewa shi ne mutuntarwa, domin harshenmu da kansa yana ruɗa yara. A Hausa komai "ya" ne ko "ta", gulbi ya cika, rana ta fito, mota ta tsaya. Yaro yana ganin "ya" sai ya ce ai an mai da gulbi namiji, mutuntarwa ce. A'a, wannan jinsin nahawu ne, babu yadda za a yi maganar sai da shi. Abin dubawa shi ne aikatau da abin da ke biye da shi. Gulbi yana cika, wannan aikinsa ne. Amma gulbi ba ya barci balle ya farka, ba ya fushi, kuma ba a sa ran sallama sai daga mutum. Nakan ce su rufe kalmar "gulbi" da yatsa su karanta sauran, sa'an nan in tambaya wa ake nufi. Sai ki ji sun ce wani baƙo ne marar ladabi. To an mutuntar ke nan. Wata yarinya ta taɓa ce mini ai kare ma yana farkawa yana fushi, kuma gaskiyarta, shi ya sa "ba sallama" ce hujjar da ta fi ƙarfi a baitin.

Ɗangon ƙarshe na sa shi ne da gangan don in kama su. Kusan duk aji kan ce yunwa an mutuntar da ita, tunda ta kama. Sai in tambaya, wa ke da fiƙa a gidanku? Su yi dariya, su gane kura ce ko kare. Wannan dabbantarwa ce. A rabe-raben da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya yi, wanda akasarin malamai muke bi, mutuntarwa reshe ce ɗaya ta jinsintarwa, tare da dabbantarwa da abuntarwa. Ko da uku kawai kika yi niyyar koyarwa, ki ambaci waɗannan biyun, in ba haka ba duk abin da ya motsa a waƙa mutuntarwa za su kira shi.

Akwai kuma maganganun da suka tsufa har adonsu ya goge, irin su bakin gulbi da rana ta faɗi. Ni ba na ba da maki a kansu, domin ba mawaƙi ya ƙago su ba, haka kowa ke faɗa a kasuwa. Na san malaman da ke karɓa, mun sha yin gardama a ɗakin malamai.

Minti arba'in ba ya isa duka wannan. Rana ta farko baitoci ukun nan kawai nake yi, a allo, da layi huɗu: abin da ake magana a kai, abin da aka jawo, halin da aka aro, sai sunan adon a ƙarshe. Ba na barin kowa ya cike layi na huɗu kafin ukun farko. Rana ta biyu muke buɗe waƙar manhaja, kuma ba duka ba, baiti biyar, benci ɗaya baiti ɗaya. Ki karanta musu da murya tukuna kafin su taɓa biro, in kina iya rerawa ma ya fi, domin yaron da bai gane me baitin ke cewa ba ba zai iya amsa ko tambaya ta farko ba.