Entirofi: ƙanƙara ta narke, makamashin ina ya tafi?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ɗalibin injiniya ne ni a nan Gombe, aji biyu. An ce mana entirofi hargitsi ne, kuma kullum ƙaruwa yake. To in haka ne, ya aka yi firiza ke mai da ruwa ƙanƙara? Don Allah a yi min bayani ban da lissafi mai yawa, jarrabawa ta matso."

Wa alaikumus salam, ƙanina. Wallahi inda ka maƙale nan da yawanmu muka maƙale, kuma ba laifinka ba ne. Laifin kalmar hargitsi ne. Ajiye ta gefe, ka riƙe wannan: makamashin da ke tattare wuri guda, in ba a tare shi ba, bazuwa yake yi. Entirofi shi ne awon yadda ya bazu.

Bazuwar ba wani sihiri ba ce. Ƙwayoyin iska mai zafi gudu suke da ƙarfi, na ƙanƙara kuwa makyarkyata kawai suke a inda suke. In suka yi karo, yawanci mai ƙarfin ne ke rage wa marar ƙarfin wani abu. Hanyoyin da makamashi zai rarrabu tsakanin ƙwayoyi masu ɗimbin yawa sun ninka hanyoyin da zai taru wuri guda ninkin da ba ya ƙirguwa, shi ya sa ba ka taɓa ganin ruwan kofi ya daskare da kansa yana ɗumama ɗaki ba. Dokar farko ta ilimin zafi, wadda ta ce makamashi ba ya ɓacewa, ba ta hana hakan ba, tun da ba abin da ya ɓace. Doka ta biyu ce ta hana.

Lissafin da kake buƙata rabawa ce kawai, wadda Rudolf Clausius ya kawo, shi da ya raɗa wa abin suna a 1865:

```
ΔS = Q / T
```

ΔS shi ne sauyin entirofi. Q shi ne zafin da ya shiga ko ya fita, a jul. T kuma ma'aunin zafin wurin, a kelbin, wato digirin da ka sani ka ƙara masa 273. Me ya sa ake rabawa da T? Naira dubu a hannun wanda bai karya kumallo ba ta sauya masa yini, amma a aljihun attajiri ko sanin ta shigo ba zai yi ba. Haka jul dubu: a wuri mai sanyi babban sauyi take kawowa, a wuri mai zafi kuwa kaɗan.

Yanzu ɗauki ƙanƙara giram 100 a kan digiri 0, ka ajiye a ɗaki mai digiri 35, irin zafinmu na watan Afirilu. Kowane giram na buƙatar jul 334 kafin ya narke, ke nan jul 33,400 gaba ɗaya. Muddin tana narkewa tana nan a kelbin 273, ba ta motsawa, shi ya sa na zaɓe ta. Raba 33,400 da 273, entirofinta ya ƙaru da kusan 122. Ɗakin ne ya ba da wannan zafin, shi kuma yana kan kelbin 308, don haka nasa ya ragu da 33,400 a raba da 308, kusan 108. Haɗa su: an samu ƙarin kusan jul 14 kan kowane kelbin. Zafi ɗaya ne ya fita can ya shiga nan, ko jul ɗaya bai ɓace ba, amma jimillar ta hau. Saboda ta hau ne abin ya faru da kansa ba wanda ya tura shi.

Ka lura entirofin ɗakin raguwa ya yi. A nan ne nake jin haushin yadda ake koyar da abin. Wani malami da ya koyar da mu sai ya rubuta "kullum ƙaruwa yake" a allo, ya ja layi biyu, ya wuce. Wanda ya ɗaga hannu ya kawo zancen firij sai a mai da shi abin dariya a gaban aji, a ce bai yi karatu ba, alhali shi kaɗai ne ya yi tunani a ɗakin. Daga ranar kowa ya kama bakinsa, aka haddace, aka zuba a takarda, aka fita ba a gane komai ba. Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake, don rabin jimla ce kawai ya hana mu: jimillar entirofin abu da na abin da ke kewaye da shi ce ba ta raguwa. Na abu ɗaya shi kaɗai yana iya sauka, kuma kullum sauka yake a wani wuri.

To, ga firizarka. Juya lissafin. Ruwa giram 100 a digiri 0 zai daskare, sai an zare masa jul 33,400, entirofinsa ya ragu da 122. In wannan zafin kaɗai aka zubar a ɗaki mai kelbin 308, ɗakin 108 zai samu, jimilla ta ragu da 14, wanda ba zai yiwu ba. Dole ɗakin ya samu aƙalla 122 ɗin nan, wato a zuba masa kusan jul 37,700. Ragowar jul 4,300 daga ina? Daga wutar lantarkin da kwamfireso ke ci. Wannan shi ne mafi ƙarancin kuɗin da doka ta biyu ta yanka, kuma firizar gaske ta fi haka ci nesa ba kusa ba, don gas ɗin cikinta sai ya fi ruwan sanyi sosai kafin ya ja zafi, sai kuma ya fi ɗakin zafi kafin ya zubar da shi, ga asarar injin kwamfireso da gogayya. Sa hannunka a bayan firiza ko a gefenta tana aiki, ɗumin da ka ji shi ne zafin ruwan haɗe da wutar da aka biya.

Af, masu sayar da ƙanƙara da zoɓo su ji wannan. In kuka manna firiza da bango a shago marar taga, zafin da take fitarwa ba shi da wurin bazuwa, iskar bayanta ta yi zafi, kwamfireso ya yi ta aiki ba hutu, ƙanƙara ta ƙi kamawa. Sai a ce gas ya ƙare, a kira mai gyara. Ku fara jawo ta daga bango kamar taƙi guda, ku share ƙurar da hunturu ya tara a waya-wayan bayanta. Kuma buɗe ƙofar firij ba ya sanyaya ɗaki, ƙara masa zafi yake, don abin da ke fita ta baya ya fi wanda aka zara ta gaba.

Mu koma jarrabawa. Kada ka kuskura ka sa digiri a wurin T. Da ƙanƙara nan take za ka gane, don za ka tsinci kanka kana rabawa da sifili, amma da ruwa mai digiri 40 amsa za ta fito sumul alhali ba daidai ba ce. Sannan alama: abin da zafi ya fita daga cikinsa, ragi ne, wanda ya shiga cikinsa, ƙari ne. In ka haɗa jimillar abu da kewayensa ta fito ƙasa da sifili, ko ka juya alama, ko ka manta wani wuri da aka zubar da zafi.

Wannan rabawar kai tsaye tana aiki ne in T ba ya canzawa, kamar narkewa, tafasa, ko ɗaki babba da jul dubu talatin ba za su girgiza shi ba. In shayi ne ke hucewa daga digiri 80 zuwa 35, T na sauka a hanya, sai ka koma wannan, T1 da T2 duk a kelbin:

```
ΔS = m c ln(T2/T1)
```

m shi ne nauyin shayin a giram, c kuma jul ɗin da ke ɗaga zafin giram ɗaya da digiri ɗaya. Gwada da shayi giram 200, c ya zama 4.2. Ya kamata entirofin shayin ya ragu da kusan 115, na ɗakin ya ƙaru da kusan 123. In naka bai fito haka ba, turo abin da ka rubuta mu duba tare. Allah ya ba da sa'a.