Bayanin pawa banki a bidiyo: yadda za ka faɗi aibinsa kuma a saya

Tambaya: Malam, ina sayar da kayan salula a Kasuwar Dole, nan Damagaram. Na sari pawa banki mai 20000 mAh, ina sayarwa jika 12, kuma ina so in yi masa bidiyon minti ɗaya a WhatsApp. Yana da nauyi, yana daɗewa bai cika ba. In na faɗa, ba zan kori masu saye ba?

Amsa: Malam, kafin ka rubuta kalma ɗaya, fitar da guda daga kwali ka gwada shi, domin ƙaryar da ta fi yawa a irin wannan bidiyo daga lambar jikin kwali take fitowa. Mai talla ya ga 20000, ya ga batirin waya 5000, sai ya raba ya ce "caji huɗu". Ba haka lissafin yake ba. Batiran ciki suna aiki a kan 3.7V, wato duk abin da suka ɗauka 74 Wh ne, Wh kuwa shi ne ma'aunin yawan wutar da batiri ke riƙewa. Sai an ɗaga ƙarfin zuwa 5V kafin ya fita, waya kuma ta sake sauke shi, kuma kowane mataki yana cin wani kaso ya mayar da shi zafi. Wayar da ke da batiri 5000 mAh tana buƙatar kusan 19 Wh, don haka mai kyau zai cika ta kusan sau uku.

Gwajin ba wuya. Cika shi har fitilunsa su daina ƙyaftawa, ka duba awa nawa ya ci da cajar da mutane suka fi riƙewa, mai 5V 2A. Yawanci awa takwas zuwa goma ne. Daga nan ka yi ta cajin waya ɗaya da shi har ya mutu, kana ƙirgawa. In kana da ƙaramar na'urar awo da ake maƙalawa a bakin USB, karanta Wh: kusan 60 lafiya lau, amma in ka ga 30, batiran ciki rabin abin da aka rubuta ne. Wannan ba aibin da ake gyarawa da daɗin baki ba ne. Ka mayar wa wanda ka sara a wurinsa, ko ka sayar da shi a matsayin mai 10000, da farashinsa.

In ya ci gwajin, ga rubutun da zai shiga minti ɗaya:

"Salamu alaikum. Ni ke sayar da wannan pawa banki, kuma na gwada shi da kaina. Wayar nan mai batiri 5000 ya cika ta sau uku, daga mutuwa har cika. Yana cajin waya biyu a lokaci guda. Abu biyu ku sani kafin ku saya. Yana da nauyi, ya kusa rabin kilo, ba na aljihun riga ba ne. Kuma da caja ta gama-gari sai ya yi awa tara kafin ya cika, don haka ku sa shi da dare. Mai son na yawo cikin gari, ina da ƙarami mai 10000. Amma mai tafiya ƙauye ko Agadas, ko mai shago da ake ɗauke wa wuta, wannan ne nasa. Jika 12, in bai yi abin da na faɗa ba cikin kwana bakwai, a dawo da shi."

Ka sa lambobin da gwajinka ya ba ka, ba waɗannan ba, kuma kada ka ambaci kwana bakwai sai in za ka cika alkawarin.

Lura da inda aibin ya zauna: a tsakiya, bayan mai kallo ya ga amfanin, kafin a zo kan kuɗi. In ka buɗe da shi, mutum zai wuce. In ka tura shi ƙarshe cikin sauri, ya yi kama da ɓoyo. Kuma kowane aibi ya zo da adadinsa da mafitarsa. "Yana ɗan jinkiri" ba ya gaya wa kowa komai, amma "awa tara, a sa da dare" yana barin mutum ya auna da rayuwarsa. Wanda nauyin ya kora bai fita shagonka ba, tunda ka nuna masa ƙaramin.

Mu dai muna ganin akwai jimla ɗaya da ta wajaba a garinmu, ko da bidiyon zai ƙaru da daƙiƙa biyar. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, batirin litiyam kuma bai kamata a yi masa caji ba in ya wuce 45. Ka ce kada a bar shi a rana ko cikin mota a rufe, kuma in ya kumbura a daina aiki da shi nan take.

Wajen ɗauka, nuna fuskar wayar tana karɓar caji, sannan ka ɗora pawa bankin a kan sikeli a ga nauyin da ido.