Ƙwan mai shayi da ya ƙi zama ruwan lemo

"Oga barka da dare. Hoton teburin mai shayin nan da nake yi a Blender, na ba ƙwan lantarkin kalar ruwan lemo, amma da na ƙara masa ƙarfi sai ya koma ruwan ɗorawa, na ƙara kuma ya zama fari fat kamar an liƙa takarda. Na sa Glare abin bai gyaru ba. Ko kwamfutar ce?"

Barka kadai ƙanena. Kwamfutarka lafiya lau take, na buɗe fayil ɗin da ka turo na duba, `View Transform` ɗinka, wato saitin da ke juya hasken renda zuwa abin da sikirin ke nunawa, yana kan `Standard` ne, daga nan matsalar ta taso.

Ka ga sikirin ɗin da ke gabanka, kowane ɗigo a jikinsa fitilu uku ne, ja da kore da shuɗi, kuma kowacce iyakarta daga 0 zuwa 1, wato 0 zuwa 255 ɗin da ka saba gani. Ba ta wuce nan ko me za ka yi mata. Shi kuwa hasken da ke cikin renda ba shi da rufi, zai iya zama 10, zai iya zama 500. To `Standard` abin da yake yi, duk lambar da ta haura 1 sai ya datse ta ya maida ta 1, shi ke nan.

Mu bi ƙwan naka. Kalar da ka ba shi ja 1.0 ne, kore 0.5, shuɗi 0.1, ruwan lemo mai kyau. Da ka kai `Strength` 4, lambobin sun zama 4, 2, 0.4. Aka datse, ya rage 1, 1, 0.4. Ja da kore sun zo kai ɗaya, ja da kore in suka daidaita a haske kuwa ruwan ɗorawa suke bayarwa, ka ga inda ɗorawarka ta fito ba wanda ya canza maka kala. Da ka kai 10 kuma, 10, 5, 1, duka ukun sun taɓa rufi, 1, 1, 1, fari. Kalar tana nan a cikin renda ba ta ɓata ba, a bakin ƙofar fita aka yanke ta. In kana so ka tabbatar ka ɗauki `Sample` a `Image Editor` ka danna kan ƙwan, za ka ga ainihin lambobin sun wuce 1 nesa.

Na san abin da zai zo maka a rai, a rage `Exposure` mana. Gwada ka gani. Fuskar mai shayin tana wajen 0.18, wanda shi ne tsakiyar haske da muke aunawa da shi, daga 0.18 zuwa 1 kuwa ninki biyu da rabi ne kawai, wato ka ninka sau biyu ka kai 0.72, kafin na uku ya cika ka bugi rufi. In ka ce sai ƙwan mai 10 ya sauko ƙasan 1, dole ka raba komai da goma, fuskar ta koma 0.018, mutum ya ɓace cikin duhu sai ƙwai kaɗai ke rataye. Ka gyara fitila ka kashe mai shayi.

Maganin shi ne ton mafin, wato maimakon a datse, a lanƙwasa. Hasken ƙasa da na tsakiya a bar shi kusan yadda yake, na sama kuma a riƙa matse shi a hankali, yana matsowa kusa da 1 amma ba ya buga ta da ka. Mafi sauƙin lissafinsa shi ne na Reinhard na 2002:

```
y = x / (1 + x)
```

Saka ƙwanka a ciki. 10 ya zama 0.91, 5 ya zama 0.83, 1 ya zama 0.5. Ka ga har yanzu ja ya fi kore, kore ya fi shuɗi, ƙwan ya yi haske sosai amma ɗuminsa na nan. Sai dai wannan lissafin yana sa hoto ya yi laushi kamar an wanke shi, shi ya sa aka koma kwaikwayon fim ɗin kyamara na da, wanda lanƙwasarsa take kamar harafin S, tana da ƙafa a wajen duhu, tsakiyarta a miƙe inda fuska take, sannan kafaɗa doguwa a sama inda haske ke kwanciya sannu a hankali. `Filmic` na Blender haka yake, Troy Sobotka ne ya haɗa shi, kuma sai haske ya kai wajen 16 kafin ya zama fari, ninki shida da rabi ke nan sama da 0.18. Daga Blender 4.0 `AgX` ne ake samu a kunne, ni shi na fi so a aikin dare irin wannan, don `Filmic` in kala ta yi tsanani yakan karkatar da ita, shuɗi mai ƙarfi ya juye wani abu daban, `AgX` kuwa yana tafiya da ita zuwa fari a natse.

Amma ka sani ko da `AgX` tsakiyar ƙwan zai yi fari-fari, kuma daidai ne. Fita yau da dare ka ɗauki ƙwan mai shayin layinku da waya, cikinsa fari za ka gani, kalar tana gefe, a hasken da ya yi masa rawani. Wannan rawanin shi ne bulum, haske ne da ke watsuwa cikin gilashin kyamara da cikin idonmu, kuma da shi ido ke gane cewa abu fitila ne ba farar takarda ba, tunda sikirin ba zai iya ƙara haske ba.

Yanzu ga inda Glare ɗinka, wanda shi ne ke yin bulum ɗin nan a Blender, ya faɗi, kuma nan nake so ka fi riƙewa. Ka fitar da hoton a PNG tukuna sannan ka dawo da shi ka sa masa `Glare`. A cikin PNG ƙwan 1 ne, farar hular mai shayi ita ma kusan 1 ce, gwangwanin madara ma haka, to ta yaya zai bambance su? In ka bar `Threshold` a 1 ba abin da zai kama, in ka sauke shi hula ta kama walƙiya kamar fitila, kuma rawanin ma fari zai fito don farin aka ba shi. Bulum kafin lanƙwasa ake yinsa, kan ɗanyen haske. Ka jona `Glare` kai tsaye da `Render Layers` a `Compositor`, ka zaɓi `Bloom`, ko `Fog Glow` in tsohon Blender ne, `Threshold` a 1. A nan ƙwan 10, 5, 1 yake, a ce kashi biyar cikin ɗari ne ya zubo gefe, 0.5, 0.25, 0.05 ke nan, ruwan lemonka sak ya dawo a rawanin, hula kuma ba ta kai 1 ba don haka ba ruwanta. In dole sai ka ajiye ka ci gaba gobe, ajiye a OpenEXR, shi ne ke riƙe lambobin da suka haura 1.

Kar ka cika shi. Ni ma farkon koyona na taɓa yi wa wani kwastoma tallan shago na zuba bulum har rubutun allon ya daina karantuwa, sai da na kwana ina sakewa. In ka ga duhun da ke ƙarƙashin tebur ya fara yin toka-toka, ya yi yawa, rage.

Da ka canza zuwa `AgX` hoton zai yi maka kamar ya dushe, kar ka tsorata ka koma baya, je `Look` ka ɗauki `Punchy` ko ɗaya daga cikin masu `High Contrast`. Sannan farin da yake 1 zai fito da ɗan toka, saboda haka tambarin kwastoma da rubutu kar ka bi da su ta lanƙwasar nan, ka ɗora su daga baya, in ba haka ba zai kira ka ya ce ba kalar kamfaninsa ba ce.

Ka fara da sa `View Transform` a `False Color`, wanda ke nuna kowane matakin haske da kalarsa, ka juya `Exposure` har fuskar mai shayin ta faɗa launin toka, sannan ka koma `AgX` ka taɓa ƙwan. Ka turo min kafin ka sa `Glare` da bayan ka sa, gobe in na shigo shago mu duba tare.